Idan Wasa Na Sarƙewa Daidai Lokacin Fashewa

Idan wasanka na Unity yana tafiya lami lafiya har sai hayaƙin fashewa ya cika allo sannan ya fara kakarewa, kada ka fara da ƙirga ƙwayoyin Particle System da ke haɗa hayaƙin. Yawanci matsalar girmansu ce.

Hayaƙi garai-garai ne, ana ganin bayansa, don haka dole GPU ta zana kowace ƙwaya a kan ta bayanta. Ƙwaya 40, kowace ta rufe rabin allo, daidai take da fentin allon gaba ɗaya sau 20 a firam guda. Wayar da ke neman firam 30 a daƙiƙa kuwa milisakan 33 kacal gare ta.

Gwaji mai sauƙi: rage resolution zuwa rabi. In sarƙewar ta ɓace, GPU ce ta gaji da fenti. In tana nan, duba CPU a Profiler. Nan ne Collision, wato lissafin karon ƙwayoyi da abubuwa, da yawan ƙwayoyi ke cin lokaci.

In fentin ne, shiga sashen Renderer na Particle System ka sauke Max Particle Size daga 0.5 zuwa 0.2, kada ƙwaya ta cika allo in kamara ta matso. Sannan rage hayaƙin zuwa ƙwaya 10 ka ƙara musu kauri. Ido ba ya gane bambancin sosai. A kula da gefen hoton ƙwayar da babu komai: shi ma ana zana shi, sai a datse shi.

Sashen Lights na Particle System kuwa, a kashe shi a ƙananan wayoyi. Kuma a yi awon a kan wayar bayan ta ɗauki zafi, don a lokacin ne take rage gudu.