Yadda na gyara lissafin ƙimar ƙarshe da ya saɓa wa zane

Wani ɗalibin injiniya da nake koya wa lissafi a unguwar Aboabo, nan Kumasi, ya kawo mini aiki yana cewa, "Malam, ƙa'idar ƙimar ƙarshe ta ba ni −3, amma zanen kwamfuta sai hauhawa yake yi." Ƙa'idar kuwa ita ce ke nuna inda amsa za ta tsaya bayan dogon lokaci. Siffar Laplace da yake aiki a kanta, wato amsar y(t) da aka mayar zuwa lissafin s, ita ce Y(s) = 6/(s(s−2)), kuma lalle idan aka ninka ta da s, aka kai s zuwa sifili, −3 ake samu.

Da na rarraba ta, sai ta zama −3/s + 3/(s−2), wato y(t) = 3e^(2t) − 3, wadda ke ƙaruwa ba iyaka. Ashe ƙa'idar ta ɗauko −3 ne kawai, ta bar ɓangaren da ke girma. Sharaɗinta shi ne, duk ƙimar s da ke mayar da ƙasan sY(s) sifili ta kasance a hagun layin tsaye da ya ratsa sifili a filin s, ga shi kuwa s = 2 tana dama. Ko a kan layin ta faɗa, kamar a sin 2t, sifili ƙa'idar za ta bayar alhali amsar lilo take yi har abada, kuma a ganina wannan ya fi saurin yaudarar ɗalibi.

Y(s) ɗin ta fito ne daga tsarin 6/(s−2) da aka shigar masa da 1/s. Don ya daina hauhawa, muka mayar da abin da tsarin ke fitarwa ana debe shi daga abin da ke shiga, sai Y(s) ta koma 6/(s(s+4)). Ƙa'idar ta ba da 1.5, zanen ma a nan ya tsaya.

Ita kuwa ƙa'idar ƙimar farko, inda ake ninkawa da s a kai s zuwa marar iyaka, darajar s a sama ce dole ta gaza ta ƙasa, shi ya sa a (s+3)/(s+1) sai an cire 1, a bar 2/(s+1), kafin a samu 2.