Lambobin waya na bogi a rajista: inda masu tantancewa suke yin kuskure

Duk wanda yake kula da fom ɗin rajista ya san su, 0000000000, 1111111111, 1234567890, irin lambar da mutum yake dannawa don kawai fom ya bar shi ya wuce. Kama waɗannan ba wuya. Inda ake samun matsala shi ne garin korar na bogi sai a haɗa da mutanen kirki a kore.

Babban kuskure shi ne ƙirga tsawon lamba tun kafin a tsaftace ta. Ɗauki lambar Birtaniya 07700 900123, tana cikin rukunin da Ofcom, hukumar sadarwar ƙasar, ta ware saboda finafinai, ba ta kowa ba ce. Wani zai rubuta ta haka, wani ya sa +44 7700 900123, wani 00447700900123, wani kuma +44 (0)7700 900123. Lamba ɗaya ce fa, amma in ka ƙirga sai ka samu 11, 12, 14 da 13, to in dokarka ta ce dole sai 11 ka kori mutum uku ba su ci ba ba su sha ba. Gyaran shi ne ka fara cire tazara da baka da ɗan layi, 00 na farko ka mayar da shi +, ka jefar da sifilin cikin gida, sannan ka ƙirga abin da ya rage bayan lambar ƙasa. Nan duk huɗun za su dawo 10. Amma kar ka mayar da cire sifili doka ta kowa da kowa, a Italiya layin gida yana riƙe sifilinsa ko bayan +39.

Shi ma tsawon ba ɗaya ba ne a duniya. Tsarin lambobin waya na duniya, E.164, ya ce lamba ba ta wuce 15 har da lambar ƙasa, don haka mai 17 ka watsar ba sai ka yi shawara da kowa ba. Ƙasa da haka kuwa sai ka san ƙasar: bayan lambar ƙasa Nijar 8 ce, Ghana 9, Amurka 10. Kuma abin yana canzawa, a 2021 Kodebuwa ta tashi daga 8 zuwa 10, wanda bai sabunta dokarsa ba ya wayi gari yana kiran ƙasa guda maƙaryata.

Sai maganar maimaici, nan ne aka fi zaƙewa. Za ka ga an rubuta doka wai duk lambar da take da 777 ko 000 a jere ta bogi ce. Yi lissafin ka gani: in lambobi bakwai na ƙarshe sun faɗo ne kara zube, cikin mutum 10,000 na gaskiya sama da 450 za su samu uku iri ɗaya a jere, huɗu a jere kuma wajen mutum 37. Balle ga masu sayen lamba mai daɗin haddacewa da gangan, galibi ma 'yan kasuwa ne, su ɗin da kake nema. Ni dai abin da nake gani ya fi shi ne a duba iri nawa ne a cikin lambar gaba ɗaya bayan an cire lambar ƙasa. Iri ɗaya tak, kamar 1111111111, a ƙi ta nan take. Iri biyu kamar 1212121212, ko jeri mai hawa ko sauka, a sa mata alama a bincika, kar a goge.

Tsawo daidai kuma ba ya nufin lambar tana iya wanzuwa. 1234567890 guda 10 ce cif, amma a Amurka lambar yanki ba ta farawa da 0 ko 1. Kar ka wahalar da kanka da haddace wannan, libphonenumber na Google ya tattara su:

```python
import phonenumbers as p
n = p.parse("1234567890", "US")
p.is_possible_number(n)  # True
p.is_valid_number(n)     # False
```

Na farko tsawo kawai yake dubawa, na biyun ne yake duba ko farkon lambar yana cikin waɗanda aka raba. Mutane da yawa na farkon suke kira su ɗauka sun gama.

Wani lokaci ma ba mai rajista ne ya ɓata lambar ba, Excel ne. Ka buɗe fayil ɗin CSV sai ya cinye sifilin farko, doguwar lamba kuma ya nuna ta kamar 4.47701E+11, in ka adana a haka shike nan ta tafi. In ka ga ɗaruruwan lambobi duk sun gaza da guda ɗaya daidai, kar ka zargi mutane, koma kan asalin fayil ɗin ka shigo da layin lambobin a matsayin Text.

Ko ta tsallake duk wannan, ba ka san ko layin yana aiki ba, ko kuma na maƙwabcinsa ne mai rajistar ya rubuta. Wannan sai ka tura kod ta tes ya dawo maka da shi. Tacewar farko amfaninta kar ka ɓarnatar da kuɗin tes a kan 0000000000.