Darasi: Idan al'ada ta ɗauke bayan rama

Mu ɗauki misalin wata mata mai shekara 28. Nauyinta kilo 70 ne, sai ta ƙuduri aniyar rage ƙiba. Ta koma cin abinci sau ɗaya a rana, kullum da safe kuma tana gudu na awa guda. Cikin wata huɗu ta dawo kilo 60. A wata na uku jinin ya zo mata kaɗan, daga nan bai sake zuwa ba. Ta yi gwajin ciki sau biyu, babu komai.

Abu na farko da za a faɗa mata don hankalinta ya kwanta shi ne, jinin bai taru a cikinta ba. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ke aika wa ma'ajiyar ƙwai saƙo ta saki ƙwai. Idan abin da jiki ke ƙonawa ya fi abin da ke shiga baki, wannan sashe sai ya rage saƙon, domin jikin da bai ƙoshi ba ba zai iya rainon ciki ba. Ƙwai bai fita ba, bangon mahaifa bai yi kauri ba, don haka babu abin da zai zuba. Ba sai mace ta rame ƙwarai hakan ke faruwa ba, kuma damuwa na ƙara tsananta shi.

Wasu matan murna suke yi, wai sun huta. Ni kuwa ƙashinsu nake ji wa tsoro. Sinadarin mata da ake kira istirojin shi ke tsare ƙarfin ƙashi, kuma a wannan hali raguwa yake yi. Ƙashi ya riƙa zaizayewa a ɓoye, har wata rana matar nan ta ji ciwo a wuri guda a ƙwaurinta, da ta taka sai ya soke ta. Irin wannan ciwo yana iya zama tsagewar ƙashi. Kafin nan takan ji sanyi lokacin da kowa ke jin daidai, gashinta yana zuba a mataji, ga yawan gajiya.

Idan al'ada ta yi wata uku ba ta zo ba, ki je asibiti. Za a sake gwajin ciki, a ɗibi jini a duba sinadarin maƙoƙo da sinadarin da ke kawo ruwan nono, domin su ma suna tsayar da al'ada. Ki faɗa wa likita gaskiyar abin da kike ci. Idan kina suma, kada ki jira wata ukun.

Maganin shi ne ƙara abinci da rage motsa jiki: cin abinci sau uku da ɗan abin taɓawa a tsakani, ba tare da ƙin cin mai da abinci mai sitaci ba. Ƙwayar tsarin iyali za ta iya kawo jini duk wata, amma ba ta cike yunwar da ta jawo matsalar. Dawowar al'ada kan ɗauki watanni. Ki kuma sani, ƙwai yana riga jini fitowa, don haka ciki na iya shiga tun kafin ki ga al'adar farko.