Kurakuran da aka fi yi wajen sanar da canjin lokacin aiki ta imel

Babban kuskure shi ne a binne labarin. Sai a cika sakin layi biyu da gaisuwa da bayanin zaman da shugabanni suka yi, sabon lokacin yana can ƙasa. Ma'aikaci kuwa a waya yake karantawa, sau da yawa yana cikin adaidaita. Sallama layi ɗaya ta wadatar, lokacin ya biyo baya nan take. Wurin Subject ma kada a rubuta "Sanarwa" kawai, a sa "Sabon lokacin aiki na watan azumi".

Amma inda aka fi shan wahala shi ne rana. "Daga gobe" ko "mako mai zuwa" ba rana ba ce, domin wanda ya buɗe saƙon bayan kwana biyu gobensa daban ce. A rubuta sunan ranar da kwanan watan tare. Canjin azumi yana da tasa matsalar: ba a san ranar farawa ba sai Fadar Sarkin Musulmi ta sanar da ganin wata, kuma da dare sanarwar take fitowa. Don haka a ɗaura canjin a kan sanarwar, a kuma aika saƙon tun da sauran mako guda. Haka nan a faɗi ranar komawa tsohon lokaci. Idan aka manta da ita, bayan Sallah za ka tarar rabin ofis sun iso ƙarfe 8, sauran sai 9, kuma kowa yana da gaskiyarsa.

Ga yadda saƙon ya kamata ya kasance a ofishin da ke buɗewa daga 8 zuwa 4:

"Assalamu alaikum. Daga ranar aiki ta farko a watan Ramadan, bisa sanarwar Fadar Sarkin Musulmi, za a riƙa fara aiki ƙarfe 9:00 na safe a tashi 3:00 na rana, Litinin zuwa Alhamis. Ranar Juma'a 9:00 na safe zuwa 12:30 na rana. Masu gadi da masu aikin karɓa-karɓa za su ci gaba da jadawalinsu. Za a koma 8:00 zuwa 4:00 a ranar aiki ta farko bayan hutun ƙaramar Sallah. Mai tambaya ya tuntuɓi sashen kula da ma'aikata."

Duba yadda aka ware Juma'a, aka kuma ambaci waɗanda canjin bai shafa ba. Rashin wannan ne yake sa a wayi gari ƙofa ba mai gadi.

Abin da ya fi damuna shi ne direbobi da masu shara da masinjoji, waɗanda yawancinsu ba su da imel na ofis. An ce an sanar da "dukkan ma'aikata", su kuwa suna zuwa su zauna awa guda a bakin ƙofa. A buga saƙon a manna a allon sanarwa, shugaban kowane sashe kuma ya faɗa wa mutanensa baki da baki.