Yadda na rabu da ciwon muƙamuƙi

Wata biyu ina tauna da ƙyar. Da na buɗe baki sai in ji ƙas a gaban kunnena na dama, da asuba kuma muƙamuƙin a sanƙare, kai na sarawa. Na zaci haƙorin hankali ne, na kuma ɗiga maganin kunne a banza.

Likitar haƙori a nan Kaduna ta ɗora yatsu a gaban kunnuwana, ta ce in buɗe in rufe. Sai ta nuna min a madubi yadda kan haƙorana ya side, ga shatin haƙori a gefen harshe. Ashe cije baki nake yi cikin barci saboda damuwa, har faifan guringuntsin da ke cikin gaɓar muƙamuƙin yana gocewa, komawarsa wurinsa ce ke ba da ƙarar.

Ta auna bakina aka yi min robar da nake sawa da dare. Na ajiye kilishi, goro da cingam na mako 3, na koma faten doya da kunu. Safe da yamma ina gasa wurin da tsumma mai ɗumi na minti 15. Abin da ya fi yi min aiki shi ne lura da rana: leɓe a rufe, haƙora a rabe, harshe a ganɗa. A cunkoson Kawo na fara kama kaina ina cijewa.

A mako na 4 ciwon ya tafi, alhamdu lillahi, Allah ya saka wa likitar nan. Ƙarar tana dawowa jefi-jefi, ta ce ba komai muddin babu ciwo, amma in bakin ya maƙale in koma da wuri.