Yadda Ake Rage Kaifin Bidiyo Kafin A Sauke Shi A YouTube

Wata rana da dare na sayi datar 1GB don in sauke wani karatu na awa guda da zan saurara a mota. Kafin ya kai ƙarshe sai ga saƙo wai datata ta ƙare. Ashe tun da daɗewa manhajar a kan 1080p take, ni ban sani ba.

Lambar nan da ke zuwa kafin harafin p, layukan ɗigon hoto ne daga sama zuwa ƙasa. Yawansu shi ne kaifin hoton, shi ne kuma nauyinsa. A ƙiyasi, bidiyon awa guda a 360p bai cika wuce megabait 300 ba, a 720p kuwa yakan ninka haka sau biyu ko uku. Malamin da ke zaune wuri ɗaya yana magana bai kai wasan ƙwallo cin data ba, don motsi ne ke ƙara nauyi.

Ka buɗe bidiyon a manhajar YouTube, ka taɓa Download da ke ƙarƙashinsa. Za a jero maka zaɓi irin su Low (144p), Medium (360p) da High (720p), kowanne da nauyinsa a gefe. Wannan nauyin za ka auna da ragowar datarka kafin ka taɓa komai. A Nijeriya *323# ke nuna ragowar. Ka bar wa kanka ɗan rara, domin WhatsApp ma yana ta lasa a ɓoye.

In ka taɓa Download ya kama saukewa bai tambaye ka ba, to an riga an ajiye zaɓi. Ka dakatar da shi, ka shiga Settings, ka nemi sashen Downloads, sannan Download quality, ka mayar da shi Ask each time. A nan ma Download over Wi-Fi only yake. Muddin yana kunne, bidiyon zai yi ta jira ba zai sauka da datar waya ba.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne, rage kaifi a alamar saiti ta cikin bidiyo kallon lokacin kawai ya shafa. Saukewa da nata zaɓin daban.

Ni dai a 360p nake tsayawa: a fuskar waya ana gane mutum sarai. 144p sai in murya kaɗai nake so, kamar wa'azi ko hira, don hoton dishi-dishi yake. Amma darasin da ake rubutu a allo ko ake nuna lissafi, gara ka daure ka ɗauki 720p, in ba haka ba ƙananan haruffa za su cakuɗe, ka dawo ka sake saukewa, ka biya sau biyu. Wani bidiyon kuma ba zai ba ka manyan zaɓin ba sai kana biyan kuɗin Premium.

Da ya gama, ka kashe data ka buɗe shi daga Downloads. In ya tashi, ya sauka ke nan.