Yadda ake karanta jadawalin tafiya mai alamomi da ranakun aiki

Yawancin waɗanda mota ko jirgi ke bari a tasha sun karanta lokacin tashi daidai, abin da suka tsallake shi ne ɗan tauraron da ke gefen lokacin da kuma ƙaramin rubutun da ke ƙasan takardar. Na taɓa kai gwaggona tashar wani kamfanin bas a Jidda a ranar hutu, ta yi shirin ziyarar Madina, muka tarar babu motar ƙarfe tara. Ta zauna a kan jakarta ta ce, "Ɗan nan, ba kai ka ce mini kullum take tashi ba?" Takardar kuwa ta faɗi gaskiya, ni ne ban karanta ta har ƙasa ba. Tun daga ranar nake bin tsarin da zan bayyana a nan.

Mataki na farko shi ne ka duba wa'adin jadawalin kafin ka kalli kowane lokaci. A sama ko a ƙasa akan rubuta ranar da ya fara aiki, wani lokaci har da ranar da zai ƙare. Ka tabbatar da kalandar da aka yi amfani da ita, domin a Saudiyya ana rubuta kwanan wata da Miladiyya da kuma Hijiriyya ta Ummul Ƙura, kuma 1/9 tana iya zama ɗaya ga Satumba ko ɗaya ga Ramadan. Harafin هـ bayan shekara yana nufin Hijiriyya. A Ramadan da lokacin Hajji akan sauya lokutan sufuri, saboda haka hoton jadawalin da wani ya turo maka a waya watanni uku da suka wuce ba abin dogaro ba ne.

Bayan haka ka nemi tasharka da tashar da za ka sauka, ka tabbatar teburin zuwa kake kallo, ba na dawowa ba. Idan da Larabci aka rubuta, daga dama ake farawa, amma lambobin lokaci daga hagu ake karanta su. Wanda bai saba da lambobin Larabci ba ya kula da guda uku: ٥ biyar ce ko da ta yi kama da sifili, sifili kuwa ɗigo ne kawai (٠), sannan ٦ shida ce ba bakwai ba. Harafin ص yana nufin kafin tsakar rana, م kuma bayanta, don haka 12:30 ص rabin awa ne bayan tsakar dare.

Mataki na uku shi ne ranakun aiki, kuma a nan ya kamata mutum ya dakata sosai. Kalmomi uku ne suka fi yawa: يومياً wato kullum, ما عدا wato ban da, فقط wato kawai. Idan aka ce ranakun aiki, a Saudiyya ana nufin Lahadi zuwa Alhamis, domin tun 2013 hutun mako ya koma Juma'a da Asabar daga Alhamis da Juma'a. Jadawalin jiragen sama kuwa sau da yawa da lambobi yake nuna ranaku, kuma a tsarinsu 1 Litinin ce, 7 kuma Lahadi. Wannan yana ruɗar Bahaushe fiye da kowa, domin sunayen ranakunmu daga ƙirgar Larabci suka fito: Lahadi ɗaya, Litinin biyu, Talata uku, Laraba huɗu, Alhamis biyar. Mutum zai ga X5 ya ɗauka ban da Alhamis ake nufi, alhali ban da Juma'a ne. Alamar +1 a gefen lokacin sauka tana nufin sai washegari za a isa.

Akwai kuma batun dare. A bakinmu rana tana shiga ne da magariba, shi ya sa "daren Juma'a" yake nufin daren da ya biyo yinin Alhamis, amma a jadawali rana tana sauyawa ne da ƙarfe sha biyun dare. Motar 22:00 ta daren Juma'a a takarda ta Alhamis ce, ta 00:30 a wannan daren kuma ta Juma'a ce. Duk lokacin da ka ga tashi tsakanin tsakar dare da asuba, ka faɗa wa kanka a fili cewa ranar da ta gabata da daddare za ka bar gida.

Sai mataki na huɗu, wato alamomi. Tauraro, ɗan gicciye, ƙaramin harafi ko launi ba su da ma'ana guda da kowa ya yarda da ita, kowane jadawali yana fassara nasa a ƙasa ko a shafin ƙarshe. Ka lura da inda alamar take zaune, domin idan tana kan layin gaba ɗaya to tafiyar duka ta shafa, idan kuwa a gefen tasha guda take to wannan tashar kaɗai ake nufi, misali a sauke fasinja ba a ɗauka. Ga wani misali da na tsara domin gwaji:

```
06:30     Lahadi zuwa Alhamis
09:00 *   kullum ban da Juma'a
00:30 †   Laraba da Asabar kawai
* ba ta aiki a ranakun hutun hukuma
† daga 1 ga Oktoba
```

A ce mutum yana son barin Jidda ranar Talata 23 ga Satumba 2025. Motar 09:00 ta tsallake gwajin ranaku tunda Talata ba Juma'a ba ce, amma tauraron ya fitar da ita, domin 23 ga Satumba ita ce ranar ƙasa ta Saudiyya. Motar 00:30 ta Laraba ta dace da wanda zai bar gida ranar Talatar da daddare, sai dai gicciyen ya nuna ba za ta fara aiki ba sai bayan mako guda. Saura ta 06:30, wadda ba ta da wata alama, kuma Talata tana cikin ranakunta, don haka ita ce ta rage. Da a ce "ranakun aiki" aka rubuta a gabanta maimakon sunayen ranakun, da sai an tambaya, domin ranar hutu ba ranar aiki ba ce ko da ta faɗo tsakiyar mako.

Don haka ya zama dole ka san ranakun hutun. Biyu suna da kwanan wata tsayayye, ranar ƙasa da kuma ranar kafuwar ƙasa a 22 ga Fabrairu, wadda aka fara hutunta a 2022. Idan ranar ƙasa ta faɗo Juma'a ko Asabar akan rama hutun a ranar da ke maƙwabtaka da ita, kuma wannan ranar ma tauraron yana iya shafarta. Hutun ƙaramar Salla da na babbar Salla kuwa suna bin ganin wata, suna ɗaukar kwanaki, kuma tsawonsu a ma'aikatun gwamnati ya bambanta da na kamfanoni, don haka kalmar العطل الرسمية, wato ranakun hutun hukuma, ita kaɗai ba ta gaya maka ranar da motar za ta dawo aiki ba.

Mataki na ƙarshe shi ne tabbatarwa. Ka shigar da ainihin kwanan watan a manhajar kamfanin ko ka je wurin mai sayar da tikiti, kuma kada ka tambaye shi ko akwai motar ƙarfe tara, domin zai ce akwai. Ka ce masa, "Malam, ranar Talata 23 ga wata, motar ƙarfe tara za ta tashi?" Idan manhajar ba ta nuna tafiyar a wannan ranar ba alhali tana nuna ta a ranar da ke gabanta, kuma ba a rubuta cewa kujeru sun cika ba, to akwai wata alama a jadawalin da ka tsallake, sai ka koma ƙasan takardar ka neme ta. Idan ka karɓi tikiti, ka karanta kwanan watan da ke jikinsa kafin ka bar gaban tagar.